Wasiƙa zuwa ga magadan marigayi Alhaji kan sayar da gidan Agege da rabon kuɗinsa

Agege, Legas
Litinin, 14 ga Yuli, 2025

Zuwa ga iyayenmu Hajiya Babba da Hajiya Ƙarama, da Yaya Sani da Yaya Hauwa, da ƙannena Balaraba, Zainab, Musa da Maryam.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa, ina roƙon Allah ya jiƙan mahaifinmu, ya sa Aljanna ce makomarsa. Na zaɓi in rubuta wannan magana a takarda maimakon in bi ku ɗaya bayan ɗaya ta waya, domin kowa ya ji abu guda, ya kuma sami damar nuna ta ga malami ko lauyan da ya amince da shi kafin ya ba da amsa. Shawarata ita ce mu sayar da gidan da Alhaji ya bar mana a Agege, mu raba kuɗin bisa ga rabon da shari'a ta yanke. Na san ni ba babba ba ne, kuma ba ni da ikon yanke hukunci a kan haƙƙin kowa, amma tun da ni kuka ɗora wa kula da gidan tun rasuwar Alhaji a 2019, wajibi ne in faɗa muku halin da yake ciki.

Gidan ɗaki goma sha huɗu ne da shaguna uku a gaba, kuma tsohon gini ne wanda ya fara gajiya. A daminar bana ruwa ya shiga ɗakunan baya har ya kai ƙauri, bangon da ke jikin makewayi ya tsage tun daga tushe har zuwa ƙasan taga, ta yadda mutum zai iya zura yatsu biyu a ciki. Injiniyan da na kawo ya duba ya ce faci ba zai yi magani ba, sai an rushe ɓangaren baya an sake shi, aikin da ya ƙiyasta zai ci kusan naira miliyan 28. Babu wanda yake da wannan kuɗi a ajiye a cikinmu, kuma kun san gwamnatin Legas tana sanya wa gine-ginen da suka lalace jan fenti, ta fitar da mutanen ciki, wani lokaci ta rushe. Idan kuwa bango ya faɗa wa ɗan haya, Allah ya kiyaye, alhakin yana wuyanmu duniya da lahira.

Game da kuɗin haya, abin da ya rage bara bayan an cire gyare-gyare, kwashe shadda da kuɗin shara, naira miliyan 2 da dubu 400 ne. Da aka raba, kowace mace a cikinmu ta sami dubu 210, namiji dubu 420, iyayenmu mata kuma dubu 150 kowace. Wannan shi ne amfanin shekara guda cur, kuma duk shekara sai an yi ta jeka-ka-dawo da 'yan haya kafin a tara shi. Ban ji haushin tambayoyin da wasunku suka yi a kan lissafin ba, domin mai haƙƙi dole ya tambaya, sai dai na lura cewa gidan da Alhaji ya gina don ya tara mu ya fara zama abin da ke sa ɗan'uwa ya yi wa ɗan'uwa kallon zargi.

Na san hujjar da Yaya Sani ya kawo lokacin da muka haɗu a Babbar Sallah, cewa ƙasa a Legas ba ta faɗuwa, kuɗi kuwa narkewa suke yi. Gaskiya ya faɗa, kuma ban raina maganarsa ba. Shekarar da Alhaji ya rasu dala tana wajen naira 360, ga shi a 2025 ta haura 1,500, don haka duk wanda ya karɓi rabonsa ya ajiye a banki zai yi asara. Amma abin da ke da daraja a wurin nan filin ne, kuma darajarsa ta ɗaga sosai tun da aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021, sannan jirgin ƙasa na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja ta Agege a 2024. Masu neman wurin rushewa za su yi su ɗora bene, abin da mu ba za mu iya ba. Idan muka jira sai ginin ya zube, za mu sayar ne a matse, mai saye yana sane da halinmu. Idan kuwa muka sayar yanzu, kowa zai iya mai da rabonsa fili ko gida a Kano, Katsina ko duk inda yake zaune, inda idonsa zai riƙa ganin abinsa.

Na sa masu ƙiyasta darajar gidaje biyu sun duba, ba tare da ɗaya ya san da ɗayan ba. Na farko ya ce miliyan 105, na biyu ya ce miliyan 115, kuma akwai wanda ya taya a miliyan 110 ta hannun dillali. Ban sallama ba, ban karɓi kafin alƙalami ba, na gaya masa gidan na mutum tara ne. Kafin a yi maganar baƙo ma, duk wanda yake so a cikinmu ya sayi rabon sauran, shi ya fi cancanta, domin abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a. Ina ba da shawarar a ba shi kwana sittin ya kawo kuɗin a kan farashin da baƙon ya taya, kuma ni zan fi kowa murna idan gidan ya zauna a hannun ɗan Alhaji.

Idan an sayar a miliyan 110, akwai abubuwan da za a fitar kafin rabo. Na farko bashin Alhaji ne, naira miliyan 1 da dubu 800, na wani abokin cinikinsa na goro a Shagamu. Mutumin bai zo ba sai bara, ya ce kunya ce ta hana shi, kuma da na buɗe littafin nan mai baƙin bango da Alhaji yake rubuta cinikinsa da ajami, na tarar da sunansa da adadin daidai, ba a soke ba. Yaya Sani ya ga shafin da idonsa. Sai miliyan 2 da dubu 400 da Musa ya kashe daga aljihunsa wajen sauya kwanon rufi a 2022 bisa yardarmu duka, wanda bashi ne a kanmu. Akwai harajin ƙasa na jiha da ya taru, dubu 800, da la'adar dillali kashi 5 cikin ɗari, wato miliyan 5 da dubu 500, da aikin lauya da takardu wanda aka ƙiyasta a miliyan 3 da dubu 500. Jimla miliyan 14 ke nan, saura miliyan 96. Alhaji bai bar wasiyya ba, kamar yadda iyayenmu biyu suka tabbatar. Na nemi lauya ya rubuto mana duk wani harajin gwamnati da zai hau kan mai sayarwa, kuma idan ya samu, daga uwar kuɗin za a cire shi kafin rabo, kowa ya ga rasiti.

Rabon kansa Allah ya riga ya yi shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Tun da iyayen Alhaji sun riga shi rasuwa, magada su ne matansa biyu, 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Matan aure suna da tumuni, su raba daidai a tsakaninsu, ragowar kuma na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan aka kasa dukiyar kashi 80, kowace uwa tana da 5, kowane namiji 14, kowace mace 7. A kan miliyan 96, Hajiya Babba da Hajiya Ƙarama za su sami miliyan 6 kowace, maza miliyan 16 da dubu 800 kowane, mata miliyan 8 da dubu 400 kowace. Ni ba malami ba ne, saboda haka ina so limamin masallacinmu da wani malamin da Yaya Hauwa za ta zaɓa a Kano su duba lissafin, kowanne ya sa hannu.

Akwai magana a kaina da ba zan so wani ya riga ni faɗa ba. Shekara shida ina amfani da shagon tsakiya ban biya haya ba, alhali makwabtansa ana biyan dubu 250 a shekara. Wannan miliyan 1 da dubu 500 ne, kuma na yarda a cire daga rabona a raba shi a kan kashi 80 ɗin nan.

Abin da ya fi damuna shi ne Hajiya Ƙarama, wadda take cikin gidan fiye da shekara talatin, kuma duk ƙawayenta da makarantar Islamiyyarta a unguwar suke. Hajiya, ba za a sa hannu a kan komai ba sai an san inda za ki zauna kuma kin gani kin yarda. Ina roƙon a sanya wa mai saye sharaɗin wata shida kafin ya karɓi mabuɗi, wanda ya yi daidai da wa'adin da dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai biyan haya shekara-shekara, mu kuma maza uku mu ɗauki nauyin hayar shekara biyu ta gidan da za ki koma daga namu rabon, kada a taɓa tumuninki. Na yi magana da Musa ya amince, saura jin ta bakin Yaya Sani.

Sai 'ya'yan ɗan'uwanmu marigayi Lawal guda biyu. Da yake mahaifinsu ya rasu a 2016, kafin Alhaji, ba su da gado a wannan dukiya, kuma ba na neman a sauya hukunci. Amma a gidan nan aka haife su, Alhaji ne yake biya musu kuɗin makaranta har ya koma ga Allah, kuma aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ba dangi da marayu wani abu idan sun halarci rabo. Ni na yi niyyar ba su miliyan 1 daga nawa. Wanda ya ga zai iya, ya ba da abin da ransa ya so bayan kuɗinsa sun shiga hannunsa, wanda bai iya ba kuma babu mai tambayarsa dalili.

Game da hanyar biya, takardar izinin kula da dukiyar mamaci da muka karɓo daga Babbar Kotun Jiha a Ikeja tana ɗauke da sunana da na Yaya Sani, kuma gidan yana cikinta, don haka mu biyu za mu sa hannu a takardar ciniki. Duk da haka ina so kowane magaji ya sa hannu a takardar amincewa tukuna. Dokar ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin mallaka ta koma hannun wani, kuma za a rubuta cewa ɗawainiyar wannan tana kan mai saye. Kada a karɓi ko sisi a hannu. Kuɗin su shiga asusun banki guda wanda ba a cirewa sai da sa hannun mutum uku, ni da Yaya Sani da Yaya Hauwa a madadin mata, sannan a tura wa kowa rabonsa cikin asusun da ke ɗauke da sunansa shi kansa, cikin kwana bakwai.

Na haɗo muku da kwafin rahoton injiniya, ƙiyasin mutum biyun, hoton shafin littafin Alhaji, rasitan Musa da lissafin haya tun daga 2019. Ina roƙon kowa ya aiko mini da amsarsa a rubuce kafin ƙarshen wannan wata, ko amincewa ko gyara ko ƙi, sannan mu zauna ranar Asabar 16 ga Agusta, 2025, bayan sallar La'asar, a falon Alhaji. Wanda hanya ta yi masa nisa za mu haɗa shi ta waya, ko ya wakilta wanda ya yarda da shi da takarda. Idan mutum ɗaya bai amince ba, ba zan ci gaba da maganar mai saye ba, sai dai zan nemi a wannan zama a faɗa mini inda za a samo kuɗin gyaran bangon baya, kuma a yarda a fitar da 'yan hayan ɗakuna huɗun da ke jikinsa tun yanzu.

Idan akwai inda na yi kuskure a lissafi ko a lafazi, ina neman afuwarku, musamman iyayenmu. A gaida yara da sauran mutanen gida.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Abdullahi