Dalilin da ya sa adadin kwastomomin kwata ta 3 ya canja

Salam Oga, barka da aiki.

Nasan zaki ga lambar kwastomomin kwata ta 3 ta sauka a dashbod daga 18,420 zuwa 16,905, shi yasa nace bari in rigaki magana kafin wani ya tambayeki a mitin ɗin Alhamis. Ba wanda ya gudu ya barmu, ko mutum ɗaya. Ƙirgen ne muka yi ba daidai ba tun farko.

Kin tuna a watan Yuli da 'yan sashen talla suka nemi a raba musu kwastomomi jiha jiha? To lokacin ne na haɗa teburin `customers` da na `addresses` a cikin kwerin, na bar ƙirgen yadda yake. Matsalar ita ce duk wanda ya bamu adireshi biyu, misali ɗan kasuwa mai shago a Kantin Kwari kuma da sito a Dawanau, layi biyu yake fitowa, sai kwerin ya ɗauke shi mutum biyu, don layuka yake ƙirgawa ba mutane ba. Mutum 1,395 ke da adireshi biyu, 60 kuma uku uku, shine rarar 1,515 ɗin. Gyaran ma layi ɗaya ne wallahi:

```
-- da
COUNT(*)
-- yanzu
COUNT(DISTINCT c.customer_id)
```

Ni na yi canjin, ban kuma gwada jimillar da ta tsohon rahoto ba kafin in tura, laifin nawa ne. Jiya ina haɗa lissafi da 'yan akawu naga lambarsu da tawa sun ƙi haɗuwa, daga nan na bi sawu har na gano.

Inda abin zai ɗan yi ciwo shine maganar ƙaruwa. Kwata ta 2 lafiyarta ƙalau, 16,100 ɗin na nan don kafin canjin aka fitar da ita. Amma mun faɗa wa manya mun ƙaru da kashi 14 cikin ɗari, alhali kashi 5 ne. A ganina gara mu faɗa musu da bakinmu yanzu, don in aka ɗora tagat ɗin baɗi akan 14 mu zamu sha wahalarsa. Kuɗin shiga bai taɓu ba, daga teburin `payments` yake zuwa. Sai dai matsakaicin abinda kowane kwastoma ya kashe zai ɗan hau, tunda an rage yawan mutanen da ake rabawa.

Na duba sauran rahotanni huɗu da ke amfani da teburin adireshi, guda ɗaya ne kawai, na jiha jiha, ke da irin ciwon, shima na gyara. Silaid na 4 da na 7 na rahoton da kika tura sama suna ɗauke da tsohuwar lamba, in kin amince in gyarasu yau in turo miki kafin la'asar.

Nagode.