Wasiƙa zuwa ga Malamin da ke Duba Bincikena kan Sakamakon Babi na Huɗu

Samaru, Zariya
14 ga Maris, 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin amsa tambayar da ka yi a gefen jadawali na 4.3, inda ka nemi in bayyana dalilin da ya sa tasirin zama ɗan ƙungiyar manoma a kan amfanin masara ya rasa ƙarfinsa na ƙididdiga da zarar na shigar da yawan takin zamani cikin lissafin. Ga abin da na gano, da kuma yadda nake neman izininka in rubuta shi.

Lissafan biyu duka, wanda babu taki a cikinsa da wanda yake da shi, an yi su ne a kan manoma 312 da na tattauna da su a ƙananan hukumomin Giwa da Soba, kuma 141 daga cikinsu 'yan ƙungiya ne. Na tabbatar babu manomi ko ɗaya da ya faɗi daga lissafi na biyu saboda rashin amsa, don haka canjin bai samo asali daga sauyin mutanen da aka auna ba. Ga umarnin da na bayar a manhajar Stata, inda `lnamfani` yake nufin logarithm na amfanin masara a kowace hekta, layi na uku kuma ƙarin lissafi ne da yake auna alaƙar ƙungiya da yawan taki:

```
reg lnamfani kungiya shekaru ilimi gona dabbobi, vce(robust)
reg lnamfani kungiya taki shekaru ilimi gona dabbobi, vce(robust)
reg taki kungiya shekaru ilimi gona dabbobi, vce(robust)
```

A lissafi na farko ma'aunin tasirin `kungiya` ya fito 0.184, kuskuren ƙiyasinsa 0.061, kuma p = 0.003, wato ɗan ƙungiya yana girbe kimanin kashi 20 cikin 100 fiye da takwaransa a kowace hekta. A na biyu ma'aunin ya sauko zuwa 0.052, kuskuren ƙiyasi ya zama 0.064, kuma p = 0.42.

Zaton farko da ya kamata a kawar shi ne cewa `kungiya` da `taki` sun yi kama da juna ƙwarai har lissafi ya kasa bambance su. Da haka ne, da kuskuren ƙiyasi ne zai kumbura, alhali ya motsa daga 0.061 zuwa 0.064 ne kawai, kuma `estat vif` ya ba da 1.3 ga `kungiya`, wanda bai kai abin damuwa ba. Da ma'aunin ya tsaya a 0.184, to ko da sabon kuskuren ƙiyasin zai ba da t kusan 2.9, wanda ya wuce mizanin kashi 5 cikin 100 da nisa. Ke nan ma'aunin kansa ne ya ragu, kuma ragin da ya yi 0.132 ne.

Lissafi na uku ya nuna inda wannan 0.132 ya tafi. 'Yan ƙungiya suna zuba buhu 2.0 na taki a kowace hekta fiye da waɗanda ba sa cikinta, idan aka haɗa kamfa da yuriya, buhu mai kilo 50. A lissafi na biyu kuma kowane ƙarin buhu yana tafe da 0.066. Idan aka ninka 2.0 da 0.066 za a sami 0.132 daidai, kamar yadda ƙa'idar abin da aka bari a waje ta tanada: ma'aunin gajeren lissafi daidai yake da na dogon lissafi, a ƙara masa tasirin abin da aka bari sau alaƙarsa da abin da ake aunawa. Saboda haka kusan kashi 72 cikin 100 na bambancin da muka gani da farko yana tare da taki.

Sai dai wannan ƙa'ida lissafi ce zalla, ba ta faɗa mana wane ne ya haifar da wane ba, kuma a nan ne nake ganin nauyin maganar yake. Fassara biyu za su iya ba da waɗannan alƙaluma ba tare da bambancin ko ɗigo ba. Ta farko ita ce manomi mai hali shi ne yake iya sayen taki da yawa, shi ne kuma yake iya biyan kuɗin shiga ƙungiya da na wata-wata, ta yadda ƙungiyar ta ci sunan aikin da dukiyarsa ta yi. Idan haka ne, lissafi na biyu ya fi kusa da gaskiya. Ta biyu ita ce ƙungiyar ce take kawo takin, shi kuma takin ya kawo amfanin. Idan haka ne, shigar da taki cikin lissafi tamkar toshe magudanar ruwa ne sannan a ce rijiyar ba ta shayar da lambu, domin abin da 0.052 yake aunawa shi ne bambanci tsakanin ɗan ƙungiya da wanda ba ɗan ƙungiya ba alhali sun zuba taki iri ɗaya, kuma ba wannan ce tambayar bincikena ba.

Na fi karkata ga fassara ta biyu. A takardar tambayoyina, 98 daga cikin 'yan ƙungiya 141 sun ce ta hannun ƙungiya suka sami takinsu na wannan damina. Wani ma'ajin ƙungiya a Giwa ya buɗe mini littafinsa, na ga sunan kowane manomi, da buhunan da ya karɓa kafin shuka, da wurin da ake soke bashin idan ya biya da kaka. Ya ce mini, “Mu aikinmu shi ne taki ya iso kafin ruwa ya zauna, don wanda ya jira kasuwa sai masara ta yi ja kafin ya samu.” Bugu da ƙari, girman gona da yawan dabbobi suna cikin lissafi na farko tun asali, kuma su ne manyan alamomin wadata a karkararmu, amma duk da haka ma'aunin ya kai 0.184. Wannan ya rage wa fassarar farko ƙarfi, ko da yake bai kawar da ita gaba ɗaya ba, tunda bayanan na damina ɗaya ne kuma babu wanda aka sa cikin ƙungiya ta hanyar ƙuri'a.

Akwai abu biyu da ba na so babin ya faɗa. Ba na so a karanta p = 0.42 a matsayin hujjar cewa ƙungiya ba ta da wani amfani bayan taki, domin tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100 ta kama daga −0.074 zuwa 0.178, wadda ta ƙunshi sifili, ta kuma ƙunshi tasiri mai girma. Haka nan ba na so in kira kashi 72 ɗin nan rabon taki na tabbas, saboda yawan takin da manomi ke zubawa yana da nasaba da ƙwarewarsa da kyan ƙasar gonarsa, waɗanda ban auna ba, kuma hakan na iya karkatar da 0.066 da 0.052 duka.

Shawarar da nake kawowa ita ce a bar lissafan uku a jadawali ɗaya, a ɗauki na farko a matsayin jimillar alaƙar ƙungiya da amfani, na biyu da na uku kuma su zama bayanin hanyar da alaƙar ta bi. Ina kuma neman izininka in koma, kafin aikin damina ya kankama, ga waɗanda suka shiga ƙungiya cikin shekaru uku da suka wuce, in tambaye su buhu nawa suke zubawa kafin shigarsu. Idan tun da can suna gaban sauran manoma, to fassarar farko ce ta yi rinjaye kuma zan sake rubuta babin a kanta. Idan kuwa takin ya ƙaru ne bayan shiga, hujjar ta biyu ta ƙara tsayuwa.

Na haɗa fayil ɗin umarnin da cikakken sakamakon da wannan wasiƙa, kuma zan zo ofis ranar Talata bayan azahar idan lokacin ya yi maka daidai. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya saka da alheri.

Ɗalibarka,
Hauwa'u Sani