Amsar tambaya ta 4: Me ya sa zafi ke ƙara saurin sauyin sinadarai?

Tambaya: An zuba asid HCl a cikin ruwan Na₂S₂O₃, aka ɗora kwalbar a kan takarda mai alamar X. A 20 °C alamar ta ɓace cikin daƙiƙa 80, a 30 °C kuma cikin daƙiƙa 41. Yi amfani da ka'idar karo da kuzarin tayarwa ka bayyana dalili. A ɗauka Eₐ = 50 kJ/mol. (Maki 10)

Amsa:

Na₂S₂O₃ + 2HCl → 2NaCl + SO₂ + S + H₂O

Farar wuta, wato S, ita ce ke gurɓata ruwan har alamar ta ɓace. Tunda lokacin ya ragu daga 80 zuwa 41, saurin sauyin ya kusan ninkawa biyu (80 ÷ 41 ≈ 1.95).

Ka'idar karo ta ce babu sauyin da zai auku sai ƙwayoyin sinadaran sun yi karo da juna. Amma ba kowane karo ne ke haifar da sabon abu ba. Mafi yawansu ƙwayoyin gwabzawa kawai suke yi, kowace ta kama gabanta yadda take. Kafin karo ya yi nasara sai ya cika sharaɗi biyu: ƙwayoyin su haɗu ta fuskar da ta dace, sannan kuzarin da suka zo da shi ya kai Eₐ ko ya wuce shi. Eₐ, kuzarin tayarwa, shi ne mafi ƙarancin kuzarin da ake buƙata don a fara tsinka haɗin da ke tsakanin atam-atam na sinadaran farko, sabbin haɗi su ƙullu. Saboda haka saurin sauyi ya dogara ne ga yawan karo masu nasara a kowace daƙiƙa.

Idan aka ƙara zafi, abu biyu ke faruwa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, ƙwayoyin suna ƙara gudu, sai su riƙa karo akai-akai. Wannan gaskiya ne, sai dai tasirinsa ƙarami ne. Matsakaicin kuzarin motsi yana tafiya daidai da zafi a ma'aunin kelbin, kuma daga 293 K zuwa 303 K ƙarin bai wuce kashi 3.4 cikin ɗari ba. Gudun ƙwayoyin kuwa yana bin √T, don haka yawan karo ya ƙaru da kusan kashi 1.7 cikin ɗari kacal. Wannan ba zai iya ninka sauri biyu ba.

Na biyu shi ne ainihin dalilin. Ƙwayoyin da ke cikin kwalba ba kuzari ɗaya suke da shi ba: kaɗan masu rauni ne ƙwarai, akasari suna tsaka-tsaki, 'yan ƙalilan ne ke da kuzari mai yawa. Zanen rabon kuzari na Maxwell da Boltzmann ya nuna haka. A 30 °C ƙololuwar zanen tana yin ƙasa, ta matsa dama, jelarsa ta ɓangaren kuzari mai yawa kuma ta ɗaga. Faɗin filin da ke ƙarƙashin zanen gaba ɗaya ba ya canzawa, domin yawan ƙwayoyin yana nan yadda yake. Abin da ya ƙaru shi ne filin da ke dama da layin Eₐ, kuma da yake tun farko ɗan mitsitsi ne, ƙaramin ɗagawar jelar ya isa ya ninka shi. Kamar katanga ce da yara ke son tsallakewa: tsayinta bai ragu ba, masu ƙarfin tsallen ne suka ƙaru.

Lissafi ya tabbatar da haka. Bisa dokar Arrhenius,

k = A·e^(−Eₐ/RT), R = 8.314 J/(mol·K)

inda k ke nuna saurin sauyin, A ke da alaƙa da yawan karo da dacewar fuskar haɗuwa, T ke nufin zafi a ma'aunin kelbin, e^(−Eₐ/RT) kuma ke wakiltar kason karon da kuzarinsu ya kai Eₐ.

A 293 K: e^(−50000/(8.314 × 293)) = e^(−20.53) ≈ 1.2 × 10⁻⁹

A 303 K: e^(−50000/(8.314 × 303)) = e^(−19.85) ≈ 2.4 × 10⁻⁹

Wato a 20 °C kusan karo ɗaya ne cikin biliyan ke da isasshen kuzari, a 30 °C kuma sun haura biyu cikin biliyan. Ninkin ya kai kusan 1.97, ya kuma yi kusa ƙwarai da 1.95 da aka samu a gwajin.

A lura cewa zafi bai rage Eₐ ba. Yana nan 50 kJ/mol a duka gwaje-gwajen biyu. Katalis ne ke buɗe wata hanya mai ƙaramin Eₐ, kuma ba a sa shi a nan ba. Haka nan maganar cewa ƙarin digiri 10 na ninka sauri biyu ba doka ba ce ga kowane sauyi. Tana aiki ne idan Eₐ na kusa da 50 kJ/mol kuma ana kusa da zafin ɗaki. Da Eₐ ya kai 100 kJ/mol, da saurin ya kusan ninkawa huɗu tsakanin 20 °C da 30 °C.