Tsarin ziyarar kwana biyu a Kano: kasuwa, abinci da girki

Assalamu alaikum Hajiya. Ga abin da na tsara muku, ke da baƙinki huɗu.

Asabar da ƙarfe 7 za mu karya da ƙosai da kunun tsamiya a bakin titi, ana kwashewa daga mai muna ci. Daga nan sai Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Can za mu sayi kanamfari, citta, masoro da daddawa; ki bari su sunsuna da kansu, kuma ni zan yi cinikin. Bayan la'asar a sha fura da nono, da dare kuma tsire.

Lahadi ce na fi so. Da sassafe mu je 'Yankaba sayen tumatir, attaruhu da alayyafo, mu wuce gidan yayata a koyi waina da miyan taushe. Za ta jiƙa shinkafar tun Asabar don ƙullun ya tashi. Kowa sai ya zauna gaban tanda ya juya tasa da hannunsa.

Idan akwai wanda ba ya cin gyaɗa ki sanar da ni yau, domin akwai ta a tsiren da miyar.