Takardar aikin gida ta ajin Nazare 2, da bayaninta ga Maman Sadik

Assalamu alaikum Maman Sadik. Ya gida, ya yara?

Kin ce kina son ki riƙa zama da Sadik in ya kawo aikin gida, sai dai ba ki san iya inda za ki sa masa hannu ba. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Takardar wannan makon tana cikin jakarsa, shafi ɗaya ce mai kashi uku. Ga abin da ke cikinta da yadda nake so ku yi.

Ki tanadi fensir mai kauri, gajere ya fi dogo a hannun yaro ɗan shekara 4, da ƙwayar wake ko murafen kwalba guda 5. In wake ne, idonki ya kasance a kansa, kada ya kai hanci ko kunne. Ku zauna bayan ya ci abinci ya huta, kamar bayan la'asar. Minti 10 zuwa 15 sun isa.

Kashi na 1: Ƙirga ka zagaye

Umarnin da za ki karanta masa: "Ƙirga abin da ke cikin kowane akwati, ka zagaye lambar da ta dace."

Akwati na farko dabino 3 ne, na biyu kofi 1, na uku ƙwai 5, na huɗu awaki 2, na biyar fensir 4. A ƙarƙashin kowane akwati an jera lambobi: 1 2 3 4 5.

A nan nake son ki fi daɗewa. Sadik yana iya jero ɗaya zuwa ashirin da ka, har da na Turanci, kuma na san a gida ana yaba masa. Wannan hadda ce, kuma tana da amfani. Abin da takardar ke nema shi ne ya taɓa abu ɗaya ya faɗi lamba ɗaya, ba tsallake, ba maimai. Ki lura da yatsarsa da bakinsa. Yawancin yaran ajinmu bakinsu ya fi yatsarsu gudu: yatsa tana kan ƙwai na uku, baki ya riga ya kai biyar. In kin ga haka, ki ba shi wake ya ɗora ƙwaya ɗaya a kan kowane ƙwai yana faɗin lambar. Ɗora waken zai rage masa sauri ba sai kin yi magana ba.

In ya gama, ki tambaye shi, "To, nawa ne duka?" Idan ya ce biyar kai tsaye, ya gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce jimillar. Idan ya koma farko ya sake ƙirgawa, bai kai nan ba tukuna, kuma ba laifi ba ne a shekarunsa. Ki faɗa masa da kanki, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ƙwai biyar ke nan," ku wuce. Ku fara ƙirgar da Hausa, harshen da yake tunani da shi, sannan ya maimaita da Turanci in yana so.

Kashi na 2: Bi ɗigo

Umarni: "Ɗora fensir a kan babban ɗigo, ka bi ƙananan har ƙarshe."

Layin farko sanduna ne a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. Na biyu sanduna a kwance, daga hagu zuwa dama. Na uku da'irori ne. Layi na huɗu lambobi ne, 1, 2 da 3, kowace sau huɗu.

Kafin ya ɗauki fensir, ya bi layin da yatsa sau biyu. In kuna da yashi a tsakar gida, ko ki zuba ɗan gari a tire, ya zana da yatsa a can tukuna, babba-babba. Sannan riƙon fensir: babbar yatsa da manuniya su kama, ta tsakiya ta tallafe daga ƙasa, ɗaya hannun ya danne takarda. Sadik har yanzu yakan dunƙule fensir a tafin hannu in ya gaji. Ki gyara masa sau ɗaya a hankali. In ya sake dunƙulewa, hannun ne ya gaji, ku huta.

A aji muna da 'yan kalmomin da muke faɗa muna rubutu, ki yi amfani da su don kada ya ji abu biyu. A kan 1 muna cewa "sauko, tsaya". A kan 2, "zagayo, gangaro, kwanta". A kan 3, "ciki ɗaya, ciki biyu". Kullum daga sama ake farawa.

Tunda yana zuwa Islamiyya da yamma, inda ake fara karatu daga dama, za ki ga wani lokaci ya kai fensir gefen dama na takarda. Shi ya sa na sa tauraro a farkon kowane layi ta hagu. Ki ce masa kawai, "Fara daga tauraro." Haka ma in ya juya 2 ko 3 ta kalli baya, kada hankalinki ya tashi, yara da yawa na yin haka har su shiga firamare.

Roƙona a wannan kashi shi ne kada ki kama hannunsa ki ja masa fensir, kuma kada ki bari yayarsa ta cike masa don a gama da wuri. Na san da wuya uwa ta ga layi ya karkace ta ƙyale. Amma ni wannan karkataccen layin nake nema, shi ke nuna min inda zan kama masa ranar Litinin. Kada ki goge komai.

Kashi na 3: Haɗa kowa da abokinsa

Umarni: "Ja layi daga hoton hagu zuwa wanda yake tafiya da shi a dama."

A hagu akwai turmi, kaza, ƙwarya da ƙafa. A dama akwai ludayi, takalmi, taɓarya da ɗan tsako.

Wannan zai yi masa sauƙi, don duk abubuwan gida ne. Ya fara faɗin sunan kowane hoto, ya nuna da yatsa, sannan ya ja layi. Bayan kowane layi ki tambaye shi dalili: "Me ya sa turmi da taɓarya?" Ki bar shi ya yi bayani da bakinsa, ko da ya ɗauko labarin dakan da aka yi jiya. In ya haɗa kaza da ƙwarya ya ce ai a ƙwarya ake zuba mata tsaba, ya yi tunani mai kyau. Ki ce masa haka ne, sannan ki tambaye shi, "To ɗan tsakon fa, ina uwarsa?" Zai gyara da kansa.

In ya fara hamma ko ya kwanta a kan takardar, ku tsaya, ko da kashi ɗaya kawai kuka yi. Kuna da Juma'a, Asabar da Lahadi, kashi ɗaya kowace rana ma ya yi. Don Allah ban da tsawa ko duka a kan wannan takarda. Wajen yabo kuma ki faɗi abin da ya yi, misali, "Na ga ka taɓa kowane dabino kafin ka faɗi lamba."

Ki sa takardar a jakarsa ranar Litinin. A bayanta ki rubuta min layi ɗaya ko biyu, da Hausa ma ya yi, kan kashin da ya fi ba shi wuya da kuma ko ya yi amfani da waken. In rubutun bai samu ba, ki tsaya mu yi magana a bakin aji lokacin tashi.

A gaida Baban Sadik da mutanen gida.

Malamar ajin Nazare 2