Darasi: Gano Kason Abu da Ke Nutsewa a Ruwa ta Hanyar Dansiti

Idan aka jefa katako a ruwa, ba ya zama a bisa ruwan kacokan, ba ya kuma sauka ƙasa. Wani sashe nasa yana shiga ciki, saura ya leƙo waje. Ana iya sanin yawan abin da zai shiga tun katakon bai jiƙe ba, muddin an san lambobi biyu: dansitin katakon da dansitin ruwan. Dansiti shi ne nauyin abu idan aka raba shi da girman wurin da ya cinye, ana rubuta shi da alamar ρ, ana auna shi da kilogiram a kowace mita kubik. Na ruwan daɗi kusan 1000 ne, na ruwan teku kusan 1025, na ƙanƙara 917, na baƙin ƙarfe kusan 7870, na zaiba kusan 13,600.

Daga ina tunkuɗar take fitowa

Matsin ruwa yana ƙaruwa da zurfi. Saboda haka ruwan da ke ƙarƙashin abu yana tura shi sama fiye da yadda na bisansa ke danna shi, kuma wannan rarar ita ce tunkuɗar da ke ɗaga abu. Arkimidis, masanin birnin Sirakus da ya rasu a shekara ta 212 kafin Miladiyya, shi ya bayyana girmanta: tunkuɗar daidai take da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. A lura da kalmar, ruwan da ya ture. Sashen da ke cikin ruwa kaɗai ke ture ruwa, wanda ya leƙo sama ba ya ture ko ɗigo.

Abin da ke shawagi a kan ruwa cikin natsuwa ba ya hawa ba ya sauka, wato jan ƙasa da tunkuɗar ruwa sun yi kunnen doki. Mu kira girman abin gaba ɗaya V, girman sashen da ya nutse Vn, dansitin abin ρa, dansitin ruwan ρr:

```
ρa × V × g = ρr × Vn × g
Vn / V = ρa / ρr
```

Kason da ya nutse ke nan: dansitin abu a raba da dansitin ruwa. Biyu daga cikin abubuwan da suka fita daga lissafin sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko g, ƙarfin jan ƙasa, ya soke kansa, don haka katakon da ke nutsewa kashi 60 cikin ɗari a nan haka zai nutse a duniyar wata in akwai bahon ruwa a can. Na biyu, girman abin bai shigo ba. Ɗan guntun da aka sare daga gungume da gungumen kansa kaso ɗaya suke nutsewa, ko da ɗaya ya fi ɗaya nauyi sau dubu.

Misali na farko: katako

Ga bulon katako mai tsawon santimita 20, faɗi 10, kauri 5, nauyinsa giram 600. Girmansa 20 × 10 × 5, wato santimita kubik 1000. Dansitinsa 600 ÷ 1000, giram 0.6 a kowace santimita kubik, daidai da 600 a ma'aunin mita kubik. A ruwan daɗi kason da zai nutse 600 ÷ 1000 = 0.6. Idan ya kwanta a kan faɗinsa, santimita 3 na kaurinsa za su shiga ruwa, 2 su rage a waje.

Kullum a gwada amsa ta wata hanyar. Sashen da ya nutse 20 × 10 × 3 ne, santimita kubik 600, ruwa mai wannan girma kuwa giram 600 yake, daidai da nauyin katakon. In lambobin nan biyu ba su haɗu ba, akwai kuskure a wani wuri.

Misali na biyu: ƙanƙara da ƙarfe

Dutsen ƙanƙara a teku: 917 ÷ 1025 = 0.895. Kusan kashi 89.5 cikin ɗari yana ɓoye, abin da matuƙin jirgi ke hangowa kashi 10.5 ne kawai. A ruwan daɗi lissafin ya zama 917 ÷ 1000, kashi 91.7 a ciki, 8.3 a waje. Ruwan da ya fi dansiti ya fi ɗaga abu, shi ya sa mutum ke kwanciya a kan Tekun Gishiri, tafkin da ke tsakanin Jodan da Isra'ila, mai dansiti kusan 1240, ba tare da ya yi iyo ba. Ƙarfe ma yana samun mai ɗaukarsa: dunƙulen baƙin ƙarfe a cikin zaiba 7870 ÷ 13,600 = 0.58, fiye da kashi 40 cikin ɗari nasa yana waje.

To ƙarfen nan a ruwa fa? 7870 ÷ 1000 = 7.87. Ɗalibai da yawa sukan rubuta wannan a matsayin amsa, alhali abu ba ya iya nutsewa ninki bakwai na girmansa. Duk lokacin da amsa ta wuce 1, ma'anarta abin ba ya tasowa, ya sauka ƙasa, kuma sharaɗin da aka gina lissafin a kai ya rushe. In amsar 1 ce cif, abin zai tsaya ko'ina aka ajiye shi a cikin ruwan.

Kason girma ba kason tsayi ba ne

Nan ne ma fi yawan masu lissafi ke zamewa, har waɗanda suka iya. Abin da ρa ÷ ρr ke bayarwa kason girma ne. Yana zama kason tsayi ne kawai idan faɗin abin ɗaya ne daga ƙasa har sama, kamar bulo ko gwangwani a tsaye. Ɗauki ƙwallo mai dansiti 250. Rubu'in girmanta zai nutse, amma da yake gindinta siriri ne, sai ta sauka sosai kafin ta ture ruwan da ya isa. Girman sashen ƙwallo mai zurfin h, idan R ne rabin faɗinta, shi ne:

```
Vn = π × h² × (3R − h) / 3
```

Idan aka daidaita wannan da rubu'in girman ƙwallon, h yana fitowa kusan 0.65R, wato kashi 33 cikin ɗari na tsayinta, ba 25 ba. Haka dutsen ƙanƙara: cewa kashi ɗaya cikin goma na girmansa ke waje bai nuna zurfinsa ninki tara ne na tsayin da ake gani ba, siffarsa ce ke yanke wannan.

Abu mai rami a ciki

Jirgin ruwa na ƙarfe ne, amma yana tasowa, domin dansitin da ake sawa a lissafi na jikin gaba ɗaya ne: dukan nauyinsa da kayansa a raba da dukan girman da bangonsa ya kewaye, har da iskar ciki. Ɗauki akwatin ƙarfe mai tsawon mita 4, faɗi 2, tsayi 0.5, nauyi kilogiram 1200. Girmansa mita kubik 4, matsakaicin dansitinsa 300, don haka kashi 30 cikin ɗari zai nutse, santimita 15 daga cikin 50.

Tambayar da ta fi amfani ita ce kaya nawa zai ɗauka. Faɗin gindinsa mita murabba'i 8 ne, kowace santimita ɗaya da ya ƙara sauka tana ture kilogiram 80 na ruwan daɗi. Idan ana so a bar santimita 10 a waje, zurfin zai kai 40, ruwan da ya ture kilogiram 3200, a cire 1200 na akwatin, kaya kilogiram 2000 ke nan. A takarda zai iya kaiwa 2800 kafin ruwa ya zo bakinsa, amma kada kowa ya loda har nan, igiyar ruwa ɗaya ko kaya da suka karkata gefe sun isa su cika shi. Kuma wannan lissafi yana faɗin zurfin da abu zai sauka ne kawai, ba ya faɗin ko zai kife. Kifewa tana da nata lissafin, wanda ya dogara da siffar jikin da inda nauyi ya taru.

Bambancin dansitin ruwan daɗi da na gishiri yana cikin abin da ya sa jiragen kaya ke ɗauke da layukan lodi fiye da ɗaya a gefensu, masu nuna iyakar zurfin da kaya za su kai jirgi, waɗanda ake kira da sunan Samuel Plimsoll, ɗan majalisar Birtaniya da ya yi fafutikar dokar layukan lodi ta 1876. Layin F na ruwan daɗi yana sama da layin S na ruwan teku, domin jirgin da aka loda a kogi zai ɗan taso idan ya fita teku.

Idan ruwan iri biyu ne

A zuba mai mai dansiti 800 a kan ruwa, a saka bulo mai dansiti 920. Ya fi man nauyi, bai kai ruwan ba, sai ya tsaya a mahaɗarsu. Yanzu duka biyun suna ɗaga shi. Idan x ne kason da ke cikin ruwa:

```
1000x + 800(1 − x) = 920
x = (920 − 800) / (1000 − 800) = 0.6
```

Kashi 60 a ruwa, 40 a mai. Da babu man, kashi 92 ne zai shiga ruwa. Iska ma irin wannan aikin take yi wa sashen da ya leƙo waje, sai dai dansitinta kusan 1.2 ne, shi ya sa ake ƙyale ta. Sai abu ya yi sakayau ƙwarai tasirinta ke fitowa: abu mai dansiti 20 lissafin farko zai ba shi kashi 2, in aka sa iska ya koma kusan 1.9.

Gwada shi da hannu

A nemi sanda madaidaiciya mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar santimita 20, da doguwar kwalba siririya da za ta riƙe ta a tsaye. A ja mata layi a kowace rabin santimita, a sauke ta a hankali, a karanta inda ruwa ya tsaya. Idan santimita 13 suka shiga, dansitinta 13 ÷ 20 × 1000 = 650. Daga nan sandar ta zama ma'auni: a saka ta a wani ruwa, in ta tsaya a 12, dansitin wannan ruwan 650 × 20 ÷ 12 ne, kusan 1083. Haka ma'aunin ruwan batir da na madara ke aiki.

Abubuwan da ke ɓata sakamako sanannu ne. Katako yana shan ruwa, dansitinsa ya ƙaru, don haka a shafa masa kakin kyandir ko a karanta cikin 'yan daƙiƙu. Kumfar iska da ta manne a jikinsa tana ɗaga shi, a girgiza ta fita. Gogar bangon kwalba tana riƙe sandar kafin ta kai inda ya kamata, a ƙwanƙwasa kwalbar a sake karantawa, sau uku aƙalla. Ruwa yana ɗan hawa jikin sanda, saboda haka a sa ido daidai da shimfiɗar ruwan a karanta daga nan. Zafi ma yana taɓa lambar: ruwan daɗi 1000 ne a digiri 4, 998 a digiri 20, kusan 958 a bakin tafasa. Ƙananan abubuwa kamar allura kuwa kada a yi gwajin da su, abin da ke riƙe su a sama ɗaurin fatar ruwa ne, kuma wannan lissafi bai shafe shi ba.

Kuskuren ma'auni shi ne na ƙarshe: raba 0.6 da 1000 yana ba da amsar da ta gaza sau dubu. A mayar da lambobin biyu ma'auni ɗaya kafin a raba, ko dai 0.6 da 1.0, ko 600 da 1000.