Tsarin Girki da Cefanen Mako na Gidan Mutum 14 a Unguwar Kanawa, Kaduna

Manya shida ne, yara takwas, kuɗin mako kuma naira 80,000. Kafin a taɓa komai a ware 8,000 na gawayi da niƙa, a ɓoye 5,000 saboda baƙo.

Makonmu daga Talata yake farawa, ranar da kasuwar Kawo ke ci. A auno masara mudu 17, shinkafa 'yar Hausa mudu 4, wake mudu 3, gero mudu 3, garin rogo mudu 1. A haɗa da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, busasshen kifi, manja da man gyaɗa kwalba bibbiyu. Mutum ɗaya zai je, da takarda a hannu, domin cefanen "a ɗan ƙaro" shi ke cinye kuɗin Litinin.

Tumatir, attaruhu da albasa sai Laraba da sassafe a Bakin Dogo. A niƙa su ranar, a tafasa har ruwan ya ƙone, a malala mai a samansa, a riƙa ɗumamawa kullum. Kada a dogara da firij. Wuta ta ɗauke kwana ɗaya, an yi asarar kwando.

Dare tuwon masara ne, gari mudu 2, ana sauya miya tsakanin kuka, kuɓewa da taushe. Da gangan ake yin sa da yawa don ɗumamen safe, a haɗa da koko. Amma garin da aka dawo da shi daga inji da zafinsa, a baza shi a tabarma ya huce, a tankaɗe kafin ya shiga bokiti. In aka rufe shi da gumi, kwana uku zai dunƙule ya yi tsami.

Abincin rana:
Talata ɗanwake, garin rogo da na wake, kuka da ɗan ruwan kanwa.
Laraba faten tsaki da alayyafo da yakuwa.
Alhamis da Litinin garau-garau, shinkafa mudu 1 wake mudu 1. A jiƙa waken tun dare, cin gawayi zai ragu sosai.
Juma'a shinkafa mudu 2 da miya, ranar ce kawai ta nama, kilo ɗaya, a yanka ƙanana, romon kuma a ajiye wa miyar dare.
Asabar dambun tsaki da zogale da ƙuli-ƙuli.
Lahadi a sake fate, a farfasa kifi a ciki.

Mai girki ta auna da mudu, kada ta ɗiba da ido. Cikon hannu ɗaya a kowane girki, kafin Lahadi ya zama tuwon dare guda. Litinin bayan isha'i a leƙa rumbu, a rubuta abin da ya rage, a rage shi daga takardar gobe.